Full ko Limited: wanne zan zaɓa don baƙi ya fito baƙi?

Tambaya: "Salam 'yan'uwa. Na haɗa kwamfutata da sabon monita ta HDMI, amma baƙi ba ya fitowa baƙi, sai toka-toka kamar an yayyafa wa hoton ƙura. A saitin katin hoto na ga Full da Limited. Wani ya ce in sa Full ko'ina har a talbijin ɗin falo da nake buga gem da shi. Wanne ya fi?"

Wa alaikumussalam ɗan'uwa. A monita ka sa Full, kada ma ka tsaya shawara. A talbijin kuma kada ka bi maganar mutumin nan ido rufe, sai ka duba abin da talbijin ɗin yake jira tukuna.

Ni aikin tace hotuna da bidiyon biki nake yi a Tudun Wada, kuma na yi wata kusan uku ina zagin monitana a banza. Duk hoton dare da na buɗe sai in gan shi kamar an ɗauka cikin hazon hunturu. Na rage haske, na ƙara, na sauya kebul har sau biyu. Na riga na yanke cewa zan kai shi kasuwa in sayar ko da asara. Sai wani ƙanin abokina da ya zo kwafar hotuna ya leƙa, ya ce, "Yaya, ba ni linzamin nan." Abu ɗaya ya taɓa, ya mayar da Limited zuwa Full. Allon ya ɗauke na daƙiƙa biyu ya dawo, wallahi kamar an goge gilashin mota da ruwa. Monitan nan har yau shi ne a gabana.

Abin da ke faruwa lissafi ne kawai. Kowane launi cikin ukun nan, ja da kore da shuɗi, kwamfuta tana auna shi da lamba daga 0 zuwa 255. Sifili shi ne baƙi wuluk, 255 fari fat. Wannan shi ne Full, kuma da shi Windows da hotunanka da gem suke aiki tun asali. Harkar talbijin da fina-finai kuwa nata ma'aunin daban ne: baƙi yana kan 16, fari yana kan 235. Wannan shi ne Limited. Kamar mudu biyu ne a kasuwa ɗaya. Matuƙar mai awo da mai saye sun yarda da mudun da ake amfani da shi, babu rigima.

Naka ya faru ne saboda katin hoto yana aika Limited, monita kuma yana karantawa da Full. Katin ya ɗauki baƙin 0 ya mayar da shi 16, da zaton za a gane. Monita ya ga 16, a wurinsa kuma 16 toka ce mai duhu, sai ya nuna maka toka. Farin 255 shi ma ya iso a matsayin 235, ya fito dishi-dishi. An fi cin karo da wannan a HDMI, domin katin yakan ga girman hoto irin na talbijin, kamar 1920 × 1080, sai ya ɗauka talbijin aka haɗa masa. Ta DisplayPort ba kasafai ake samun haka ba. Wata alama da za ta tabbatar maka: ɗauki screenshot a kwamfutar ka tura wa wayarka. Za ka ga baƙin ya fito daidai, domin a hanyar fita zuwa kebul ake matse lambobin, bayan an riga an zana hoton.

In katinka NVIDIA ne, buɗe NVIDIA Control Panel, shiga Change resolution, sauka ƙasa ka zaɓi Use NVIDIA color settings. Output color format ka bar shi RGB, Output dynamic range ka sa Full, ka danna Apply. In AMD ne, nemi Pixel Format ka zaɓi wanda ya ƙare da PC Standard (Full RGB). Na Intel suna kiransa Quantization Range. Kada ka zaɓi YCbCr sannan ka zo kana neman Full, shi wannan kusan kullum da ma'aunin bidiyo yake tafiya.

To, Limited fa? Ba laifinsa ba ne, in an daidaita shi da talbijin yana aikinsa. Matakai 220 yake da su maimakon 256, kuma daga kan kujerar falo da wuya idonka ya kama bambancin. Iyakar yabon da zan yi masa ke nan.

Inda na fi so ka natsu shi ne kuskure na biyu, wanda shawarar "sa Full ko'ina" take jefa mutane, domin shi ba ya kama da matsala. Toka kowa yana ganinta ya yi ƙorafi. Amma in na'ura tana aika Full, talbijin yana jiran Limited, hoton sai ya yi wani irin kyau na yaudara: baƙi ya yi ƙirin, launuka su yi tsalle, mutum ya ce yanzu ne ma ya samu daidai. Alhali talbijin ɗin ya ɗauki duk abin da ke tsakanin 0 da 16 ya mayar baƙi ɗaya, duk abin da ya haura 235 ya mayar fari ɗaya.

Bari in ba ka misali da aikina. Ango ya sa babbar riga ta baƙar shadda, an yi mata aiki da zare mai duhu. A hoton, jikin shaddar yana wajen 10, zanen da ke cikinta 14, aikin wuyan 22. Talbijin mai jiran Limited lissafin da yake yi shi ne:

```
(x - 16) × 255 / 219
```

10 da 14 duk sun faɗa ƙasa da sifili, sun koma 0. Zanen shaddar ya tafi gaba ɗaya. Aikin wuya da ke 22 ya koma 7, sai ka matso ka ƙura ido kafin ka gan shi. Abokin ango da ya sa farar shadda shi ma bai tsira ba: jikin rigar 246, inuwar ninkinta 238, duka biyun sun zama 255, riga ta koma farar takarda. A gem kuwa, duk wanda ya laɓe a lungu mai duhu ba za ka gan shi ba sai ya harbe ka. Kuma ƙara haske ba lallai ya dawo da su ba. In an riga an yanke lambobin a ƙofar shiga, duhun ne kawai zai tashi ya zama toka, babu komai a cikinsa.

Wannan kyan na ƙarya shi ya sa na taɓa sayen wani talbijin na hannu da na yi nadama, kuma a nan zan ja kunnenka ko da ba ka tambaya ba. Mai shagon ya jera biyu, ɗaya ya yi fari-fari, ɗaya baƙinsa kamar gawayi, ya ce ai na biyun gilashinsa ne na asali, shi ya sa ya fi tsada. Na biya. Da na iso gida na saita shi yadda ya kamata, sai na ga baƙin nasa bai fi na wancan da na raina ba. Ko da gangan ya yi ko shi ma bai sani ba, Allah masani, amma rimot ɗaya ya isa a sa allo mai kyau ya yi muni, a sa na banza ya yi ƙyalli. Akwai kuma masu cewa kebul ɗinka ne bai da ƙarfi, ka sayi mai bakin zinare. Kebul ɗin HDMI in ya lalace, hoto ne zai riƙa ɗaukewa ko ya yi ɗige-ɗige masu walƙiya, ba ya mayar da baƙi toka. Duk mai gyaran da ya ce a sauya gilashi saboda wannan, ka ɗauki kayanka ka yi gaba.

Gwajin da nake yi ba ya buƙatar sauke komai. Buɗe Paint, cika shafin da baƙi, wato 0 a gidajen Red da Green da Blue cikin Edit colors. Zana akwati uku a kai, ɗaya 8 a duka gidajen, ɗaya 16, ɗaya 24. A wani shafin fari ka zana akwatin 240. Yi shi da dare, fitila a kashe. In ka ga akwatin 24 kaɗai, 16 ya nutse, na 240 ma ya ɓace cikin fari, to ana yanke maka: kana aika Full, allo yana jiran Limited. In duk akwatunan sun fito sarai amma shafin kansa toka ne, akasin haka ne. Na 8 yakan yi wuyar gani a allo mai arha ko da komai daidai ne, don haka na 16 za ka sa wa ido. Kafin gwajin ka kashe duk wani Dynamic Contrast ko makamancinsa, yana rikita sakamakon.

A talbijin sunayen ne ke rikita mutane, domin kowane kamfani da yadda ya raɗa. A Samsung HDMI Black Level ne: Low yana nufin Limited, Normal yana nufin Full. A LG, waɗanda ke da Black Level, Low shi ne Limited, High shi ne Full. Kalmar Normal ɗin nan ta ruɗi mutane da yawa, suna zaton ita ce ta talbijin na yau da kullum. Kuma yawanci kowace kafar HDMI da nata saitin, in ka sauya kafa sai ka sake dubawa.

Don haka na falo, in PlayStation ne, je RGB Range ka bar shi a Automatic, talbijin ma a Auto, ka ga yadda wurare masu duhu suke. In ba su daidaita ba, ka ɗaure su da hannu: Limited a na'urar, Low a talbijin. Na fi son wannan a falo saboda dikoda da sauran kayan kallo duk da wannan mudun suke awo, ko yara sun sauya kafa ba abin da zai lalace. A Xbox, Standard shi ne na talbijin, PC RGB na monita. In kuwa kwamfutar ce za ka haɗa da talbijin ɗin don rubutu da aiki, sa Full a katin, ka sa Normal ko High a waccan kafar kaɗai.

Bayan ka gyara, in har yanzu kana ganin ɗan haske a kusurwoyin allon cikin duhu, wannan fitilar bayan gilashin ce, halin monita irin IPS ne, saitin nan ba ya taɓa shi. Rage Brightness na monitan zai sassauta. Sannan duk ranar da ka sabunta direban katin hoto ka sake leƙa wurin, wani lokaci yakan koma yadda yake da. Ni na ajiye hoton akwatunan nan a kan allo, da na ga hoto ya yi wani iri shi nake fara buɗewa.