Wane rubutu za ka biya wa kuɗi idan bidiyonka za a kalla ba sauti?

Wanda yake kallon bidiyo a waya ya kashe sauti ba shi da abin dogaro sai hoton da kuma layukan da ke fitowa a ƙasan allo, kuma ingancin waɗannan layuka ana yanke shi ne tun ranar da aka rubuta abin da mai magana zai faɗa. Hanyoyi uku ne mai shirya bidiyo yakan samu a gabansa idan zai ɗauki marubuci ko zai yi aikin da kansa: ya yi magana yadda ta zo masa a kwafe ta daga baya, ko a rubuta masa muƙala ya karanta, ko kuma a rubuta masa magana da aka auna layi-layi tun kafin a kunna kyamara.

Ta farko ta fi arha, amma duk "to" da "ka gane" da maimaicin da suka fito daga bakinka za su hau allo su cinye wuri. Ta biyu tana da kyau a takarda kawai, domin jimlar muƙala takan yi tsawon da sai an datse ta gida huɗu, mai kallo ya manta farkonta kafin ƙarshenta ya bayyana. Ta uku ita nake sayen ta, kuma ita nake ba kowa shawara.

Dalilina lissafi ne. Ƙa'idar Netflix ta rubutun Ingilishi ta tsayar da haruffa 42 a layi ɗaya, layi biyu a lokaci guda, kada rubutu ya wuce daƙiƙa 7 a allo, kuma saurin karatu kada ya zarce haruffa 20 a daƙiƙa ga manya, 17 ga yara. BBC kuma tana auna nata da kalmomi, tsakanin 160 zuwa 180 a minti. Ni 17 nake riƙewa ko da manya ne masu kallo, saboda mai riƙe da waya idonsa yana rabuwa tsakanin rubutu da abin da hannun mai bayani yake yi. Idan bidiyon na tsaye ne, layin sai ya ƙara gajarta, kuma a ɗaga shi sama da inda manhaja take ɗora maɓallanta.

A ɗauki bidiyon da ke koyar da duba man injin mota. Mai bayani da ba a rubuta masa ba zai ce: "To, yanzu idan kuka zaro wannan ɗin kamar yadda nake yi, sai ku goge shi tukuna, don in ba ku goge ba, abin da za ku gani ba shi ne gaskiyar man da ke ciki ba." Wannan jimla haruffa kusan 160 ce idan an haɗa da giɓin kalmomi, kuma baki yana iya furta ta cikin daƙiƙa 7, wato haruffa wajen 23 a daƙiƙa, alhali mai karatu yana buƙatar fiye da daƙiƙa 9. Ga kuma wata illa: "wannan ɗin" ba sunan komai ba ne, don haka wanda ya sunkuyar da ido yana karatu ya rasa abin da aka nuna. Marubucin da ya san aikinsa zai mayar da ita jimloli uku masu cin gashin kansu, tare da sunan abin da ake magana a kai:

```
1
00:00:04,000 --> 00:00:06,500
Zaro sandar awon mai, ka goge ta.

2
00:00:06,600 --> 00:00:08,800
Mayar da ita, ka sake zarowa.

3
00:00:08,900 --> 00:00:11,200
Awo na biyu shi ne na gaskiya.
```

Haruffa 92 ke nan cikin kusan daƙiƙa 7 ɗin, kimanin 13 a daƙiƙa, har ma an samu wurin ƙara matakin mayar da sandar wanda jimlar farko ta tsallake. Wannan tsari na fayil shi ake kira SRT, kuma manhajoji na kyauta irin su Subtitle Edit da Aegisub suna nuna saurin kowane layi, suna kuma yi wa wanda ya wuce gona da iri alama, saboda haka ba sai ka yarda da bakin kowa ba.

Rubutun da ya cancanci kuɗi yakan zo da shafi mai gida biyu, ɗaya na abin da za a faɗa, ɗaya na abin da ido zai gani. Amfanin gida na biyu shi ne a gano inda sauti kaɗai yake ɗauke da ma'ana. Idan mai bayani ya ce "kun ji wannan ƙarar?", wanda ba ya ji bai samu komai ba, sai an rubuta masa [injin yana ƙwanƙwasawa]. Haka nan idan mutum biyu suna magana kuma ɗayansu ba ya cikin hoton, dole a nuna wa yake magana. Ina kuma duba inda aka karya layi: marubucin da ya raba "ba" ta farko da aikatau ɗinta, ko ya bar "da" ita kaɗai a ƙarshen layi, bai taɓa kallon aikinsa a kan waya ba.

Saura batun masu ha'inci, kuma a nan ne na taɓa ƙonewa. Na ba wani aikin bidiyo mai minti shida, ya kawo shi cikin hanzarin da ya kamata ya sa ni zargi, na duba daƙiƙa talatin na farko na ga komai daidai, na biya. Ashe farkon kawai ya daidaita da hannu, sauran ya raba rubutun ne kashi-kashi daidai wa daida ba tare da ya saurara ba, ta yadda zuwa minti na huɗu ana nuna mataki ɗaya rubutu yana bayanin wanda ya wuce. Ga shi ya manne rubutun a jikin hoton bai ba ni fayil ba, kuma salon harafin da ya zaɓa ba shi da ƙ da ɗ da ɓ, sai 'yan akwatuna suka maye gurbinsu. Rubutun da aka manne ba ya gyaruwa sai an sake fitar da bidiyon daga tushe, tushen kuwa yana hannunsa.

Tun daga nan sharuɗɗana suka canza. Ba na ƙin rubutun da aka manne, domin a gajeren bidiyo shi ne yake fitowa ko mai kallo bai danna komai ba, amma sai an haɗa mini da fayil na SRT da aka adana da UTF-8, tsarin adana rubutu da ke riƙe ƙ da ɗ da ɓ, da kuma kwafin bidiyon da ba rubutu a jikinsa. Ina buɗe fayil ɗin in duba lokutan: idan kowane layi daƙiƙa uku ne cif, gajere da dogo, to ba kunne ne ya auna su ba. Ina fara dubawa daga ƙarshen bidiyo, sannan tsakiya, domin mai ha'inci farko yake gyarawa. Wanda ya nuna maka samfurin aikinsa kuma, ka ba shi minti ɗaya daga naka bidiyon ya yi a matsayin gwaji, tunda samfuri ana iya aro shi. Ka yi hattara da wanda ya ce zai "taƙaita" maganar da aka riga aka ɗauka, domin na ga inda taƙaitawa ta haɗiye "kada" daga cikin gargaɗi, umarnin ya juye gaba ɗaya.

Kafin in saki ragowar kuɗi, ina miƙa wa wanda bai san batun ba waya a kashe sauti, ya kalla sau ɗaya ba tare da ya tsayar ba, sannan ya faɗa mini matakan a jere. Duk matakin da ya ɓace masa, layinsa nake mayar wa marubucin.