Takardar bashin gwamnati: ta shekara ɗaya ko ta shekara goma?

Idan ka shiga banki a nan Damagaram da niyyar sayen takardar bashin gwamnati, abin da za a fara nuna maka shi ne ruwan da take biya. Amma tsawon wa'adinta ya fi cancantar a tsaya a kansa, domin shi ne zai nuna abin da za ka tarar ranar da ka so sayarwa.

Mu ɗauki takardar jaka goma, wato sefa 10,000, mai ruwan kashi 6 cikin ɗari, wadda ake mayar da uwar kuɗinta a ƙarshen wa'adi. Duk shekara 600 za ta ba ka, ba ƙari ba ragi. To, bayan ka saya sai gwamnati ta fito da sababbi masu biyan kashi 8. Wa zai ba ka jaka goma a kan mai kawo 600, alhali da kuɗin nan zai samu mai kawo 800? Dole ka rage masa farashi har ribarsa ta kamo ta sabuwar. Wannan shi ne dalilin faɗuwar, ba wai takardar ta lalace ba.

Yawan ragin kuwa ya danganta da shekarun da suka rage. In saura shekara ɗaya, sau ɗaya mai saye zai rasa 200 ɗin nan, don haka za ta yi kusan 9,815. In saura uku, wajen 9,485. Mai shekara goma a gaba kuwa sai ta gangaro kusan 8,660, saboda sau goma za a yi ta rasa bambancin. Haka abin yake idan ya juya: ruwan kasuwa ya sauka zuwa kashi 4, ta shekara ɗaya da ƙyar ta kai 10,190, ta shekara goma kuwa ta haura 11,600.

Irin wannan canjin ruwa ba a misali kawai yake faruwa ba. Tsakanin Yunin 2022 da Disambar 2023, babban bankin BCEAO ya ɗaga ruwansa daga kashi 2 zuwa 3.5.

A ganina, ɗan kasuwar Dole da zai iya buƙatar jarinsa lokacin kaka don sayen wake ko gyaɗa, gajerar ta fi masa. Doguwar ta mai kuɗin ajiya ce, wanda ba abin da zai tilasta masa sayarwa. In ya jira wa'adi, jakarsa goma zai karɓa cif, muddin gwamnati ta biya, sai dai ya yi shekaru yana karɓar 600 wasu na karɓar 800.

Kafin ka sa hannu, tambayi ma'aikacin banki ko za a riƙa mayar da uwar kuɗin kashi-kashi ne. Irin wannan farashinta bai cika girgiza kamar wadda ake biya gaba ɗaya a ƙarshe ba, ko da wa'adinsu ɗaya.