Tsawa ko bayani: yaron da ya kai dare a gari

A ce ɗan shekara 14 a unguwar Jekadafari ta Gombe bai dawo gida ba sai bayan sallar isha. Uba mai mulkin mallaka zai kai masa bulala, bai tambayi dalili ba. Uba mai tsare doka da bayani zai tambaya, ya saurara, ya faɗa masa abin da ake gudu a titi da dare, sannan ya hana shi fita na mako guda. Dukansu sun hukunta.

Masaniyar halayyar ɗan Adam Diana Baumrind ce ta bambance salon biyu a shekarun 1960, kuma binciken da ya biyo baya ya nuna 'ya'yan na biyun sun fi natsuwa da ƙoƙari a makaranta.

Ɗan shekara 4 tsawa tana tsayar da shi nan take, shi ya sa iyaye ke ɗauka tana aiki. A kan matashi kuwa, sau da yawa ɓoyo take koyarwa: ya yi shiru gabanka, labarinsa sai a bakin maƙwabta.

Sai dai wata masaniyar halayyar ɗan Adam, Ruth Chao, ta nuna a 1994 cewa a iyalan Sinawa tsanani yana tafe da kulawa. A nan ma, a ganina, kunya na hana uba sakin fuska da ɗan fari, sai goggo ko kaka ta rarrashe shi. Yaron da ba shi da mai rarrashin nan shi nake ji wa tsoro.