Hoton Baba da aka yanko daga na biki: zai yi firem?

"Jama'a, na yanko fuskar marigayi Babanmu daga hoton ɗaurin auren ƙanena a ƙauyenmu kusa da Jahun. Ina so in kai Dutse a wanke min babba, inci 8 da 10. A waya dai tas yake. Zai yi kuwa?"

Allah ya jiƙan Baba, ɗan'uwa. Kafin ka biya kuɗin mota, gano wane hoto ka yanka: na asali da ke wayar wanda ya ɗauka, ko wanda aka turo maka ta WhatsApp. A fuskar waya duk kamarsu ɗaya, a takarda ne suke rabuwa.

Mu ɗauka wayar mai megafiksel 12 ce. Na asali zai zo da fiksel, wato ƙananan ɗigogin da ke haɗuwa su zama hoto, 4000 a faɗi, 3000 a tsayi. Idan Baba, daga hula zuwa ƙirji, ya ci rubu'in faɗin hoton, abin da ya rage maka bayan yanka wajen 1000 ne da 1250. Raba 1000 gida 8, kowane inci ya samu 125. Masu situdiyo sun fi son 300 ga hoton da za a riƙe a hannu, amma firem a bango yake, daga nesa ake kallonsa, kuma 150 ya wadatar. To 125 ya ɗan gaza, sai dai ni zan wanke shi a haka. Mai son ya fito garau ya sauko inci 5 da 7.

Na WhatsApp kuwa, yawanci an matse dogon gefensa ya koma wajen 1600. Yanka iri ɗaya zai bar maka 400 da 500 kacal, wato fiksel 50 a kowane inci. Nan aikin hula zai narke, gemu ya zama dunƙule, idanu su yi dishi-dishi. Girmansa na gaskiya da kaɗan ya wuce na hoton fasfo. Ko mai situdiyo ya ce zai ƙara masa girma a kwamfuta, lamba ce za ta hau, zaren hular da ya ɓace ba zai dawo ba.

Buɗe wanda ka yanka a Gallery, shiga Details, za ka ga lambobi biyun. Sannan ka ja hoton da yatsu har ido ya cika fuskar waya, domin lissafi bai san an ɗauka da magariba ko hannu ya girgiza ba. In kana iya rabe baƙin ido da farinsa, akwai fata.

Idan na WhatsApp ne a hannunka, nemi wanda ya ɗauka ya turo maka a matsayin Document, haka yake zuwa ba a taɓa shi ba. In wayar ta ɓace, sassauta yankan, ka bar Baba tare da ango da wanda ke gefensa, faɗin ya kai fiksel 900 ko 1000, a wanke inci 7 da 5 a kwance.