Kuɗin Ƙarin Awa ko Hutun Ramuwa?

A shagon ɗinki a Tahoua, mako guda kafin Babbar Salla, tela ya yi awa 48 maimakon 40 da doka ta tanada. Idan kuɗi zai karɓa, a ƙarshen wata, magana ta ƙare, kuma ana biyan ƙarin awa sama da farashin awar yau da kullum.

Hutun ramuwa kuwa bashi ne a wuyan maigida. Awa 8 da aka rama da hutun awa 8 cif ta cinye wancan ƙarin kuɗin, don haka a daidaita tun farko. A ajiye littafi guda: rana, awar shiga, awar tashi, ragowar awoyi, kowa ya sa hannu duk Asabar. A kuma yanka wa'adi, misali wata 2. In ya wuce ba a huta ba, ragowar ta koma kuɗi.