Wata guda ina biyan malama tana duba mini imel: abin da na samu

Ina harkar riɗi a Dawanau, kuma da Turanci nake rubuta wa yawancin masu sayen kayana. Wani abokina ya haɗa ni da wata tsohuwar malamar Turanci mai duba rubutu a kan kuɗi. Kafin in aika imel sai in tura mata ta WhatsApp, ta gyara ta maido.

A makon farko ta kama ni da laifi ɗaya har sau biyar. Na rubuta:

"The goods will arrive on Monday. Because the truck broke down."

Ta ce rabin na biyu ba jimla ba ce, jela ce da aka yanke daga jikinta. Gwajin da ta koya mini mai sauƙi ne: karanta shi kaɗai, in ka ji kana jiran a ƙarasa, guntu ne. Magani shi ne a cire aya a haɗe su. Ni da na taso da cewa ba a fara jimla da "because", sai ta ce ba haka ba ne. Ana farawa, muddin an sa waƙafi, babbar maganar ta biyo baya: "Because the truck broke down, the goods will arrive on Monday."

Inda kuɗina ya fita shi ne kan "which". Na rubuta wa wani mai saye:

"We sent the sample with the invoice. Which was wrong."

Ta kira ni a waya. "Alhaji, mene ne ba daidai ba? Samfurin, ko takardar kuɗin, ko haɗa su da ka yi?" Takardar nake nufi, amma mutumin zai iya ɗauka riɗin ne da matsala. A nan ko an haɗe da waƙafi da sauran shakka, don haka ta sa na ambaci abin da sunansa: "The invoice was wrong."

Akwai inda muka yi saɓani. Wani ya tambaye ni a layi ɗaya dalilin ƙarin farashi, na amsa da "Because transport went up." Ta ja masa layi. Na ce ai tambayarsa ce ta riƙe rabin jimlar, kamar yadda za a ce maka "don me?" ka ce "saboda mota ta lalace". Daga baya ta yarda a bar irin wannan tsakanin waɗanda suka saba, ban da wasiƙar farko ko wadda za ta shiga fayil.

Aibinta jinkiri ne. Wani lokaci sai washegari take amsawa, ga kasuwa ba ta jira. Ban sabunta ba, amma ƙanena da ya fara rubuta wa masu saye na biya masa wata guda.