Awa guda a Spa: yadda taya, mai da ruwan sama suka haɗa mini kai

Na yi wata huɗu ina buga Assetto Corsa Competizione da sitiyari da feda, wasan kwamfuta da kamfanin Kunos Simulazioni ya fitar a 2019 na tseren motocin GT3. Wanda duk ya tambaye ni ko ya kai yadda ake zuzuta shi, labarin tsere ɗaya nake ba shi, na awa guda a filin tseren Spa-Francorchamps na ƙasar Beljiyam.

Lissafin mai ne farko. Zagaye ɗaya kilomita 7 ne da ɗan ɗoriya, ina yin sa a minti 2 da daƙiƙa 20, motata kuma tana shan kusan lita 3.8. Awa guda ta kama zagaye 26 ke nan, na ƙara ɗaya don gudun ko-ta-kwana, na zuba lita 103. Litar fetur wajen kashi uku cikin huɗu na kilo ce, wato na ɗora wa motar kilo 77, alhali da lita 15 kacal na yi zagayen neman gurbin da zan tashi a tseren. A birkin La Source, kwanar farko, na fara jin bambancin: na taka daidai inda na saba, motar ta ƙi tsayawa, ta zarce kwanar. Mota ɗaya ce, amma sai ka rantse an musanya maka ita.

Taya ce ta fi burge ni, a nan kuma wasan ya ci sunansa. Lafiyar tayar ba wani ma'auni ba ne da ke sauka daga 100 zuwa sifili. Wasan yana bin zafin tayar a gefen ciki da tsakiya da gefen waje, kuma iskar cikinta tana hawa in ta yi zafi, ta sauka in ta huce. Shi ya sa iskar da ka sa a gareji ba ita ce abin dubawa ba, sai wadda allo ya nuna bayan zagaye uku. A busasshen titi ana son ta tsaya tsakanin 26 da 27 psi, wato ma'aunin ƙarfin iskar taya. In ta gaza, sitiyari ya yi laƙwas; in ta wuce, tsakiyar tayar ya kumbura, abin da ke taɓa kwalta ya ragu, motar ta kama zamiya.

Ni na jawo wa kaina. Da tanki cike na rinƙa afkawa Pouhon, doguwar kwanar hagun nan, da gudun mota marar kaya. Nauyin duka kan tayar gaba ta dama yake sauka, ta rinƙa gurzar titi har zafinta ya haura digiri 100. Zamiya tana kawo zafi, zafi yana ƙara zamiya. Wajen zagaye na 10 na kulle birki a kwanar ƙarshe, tayar ta kankare a wuri guda, daga nan sitiyari bai daina karkarwa a hannuna ba har na shiga canji. Wannan karkarwar ba ta warkewa, komai lallaɓawarka.

Sai ga hadari. Allo yana nuna hasashen minti 10 da na minti 30 masu zuwa, na gani sarai, na yi kunnen ƙashi. Tun kafin ruwan ya yi ƙarfi titi ya huce, iskar tayata ta faɗi ƙasa da 26, riƙo ya ragu alhali kwalta ba ta gama jiƙewa ba. Na shiga na sa tayoyin ruwa, waɗanda ke son iska kusan 30 psi, na ji daɗinsu zagaye biyar. Da ruwan ya ɗauke, layin da motoci ke bi ya riga sauran titin bushewa, tayoyin ruwan kuwa robarsu taushi gare ta, suka fara dahuwa. Dole a miƙaƙƙen Kemmel na rinƙa barin layi ina farautar jiƙaƙƙen wuri don su sha sanyi, kamar dai yadda direbobin gaske ke yi.

Ba zan ba mai gaggawa shawarar sayen sa ba, haka wanda bai da sitiyari mai mayar da ƙarfi hannu, don rabin bayanin taya ta nan yake zuwa. Akwai kuma abin da ba wasan da zai ba ka a kan kujerar ɗaki: ƙugunka ba ya jin bayan mota ya fara sulalewa, sai ido da tafin hannu. Na ƙare na 14 cikin 20, da ragowar lita 9 a tanki, domin na manta cewa tuƙin ruwa ba ya shan mai kamar na busasshen titi.